Gaba ake bi, ba baya ba: yadda na haɗa kabad uku kafin su hau bango

Aikin kicin ne a wani gida a Kano, kabad na sama guda uku: biyu masu faɗin santimita 60, ɗaya mai 80, jimla mita 2. Da can ɗaya-ɗaya nake ɗaurawa, in kafa wannan a bango sannan in jingina masa na kusa, kuma kullum sai na ƙare da wata 'yar tsaga tsakaninsu wadda ke haɗiye ƙura da maiƙon girki. A wannan karon na ce sai na haɗa su a ƙasa tukuna.

Muka cire ƙofofi da allunan ciki don su rage nauyi, muka kwantar da su rigingine a kan tayil, baki na kallon sama. Nan na yi kuskuren farko. Na ɗauka tunda duk bayansu na ƙasa, gabansu ma ya daidaita. Da na bi mahaɗar da yatsa sai na ji tudu: na tsakiya ya gaza sauran zurfi da kamar milimita 2, tun daga yanka. Ido ba ya ganin wannan a ƙasa, amma da zarar an mayar da ƙofofi, ɗaya za ta nutse ciki, kuma duk wanda ya shigo kicin ita zai fara gani. Bayan kabad bango ne zai rufe shi, don haka duk wani bambanci can ya kamata a tura shi. Na cusa siraran ɓallin filawud a ƙarƙashin na tsakiyar har bakinsa ya zo daidai da na maƙwabtansa, na kuma daidaita gindinsu, domin shi ma ana ganinsa daga ƙasa.

Sai matsewa. Kilam, wato ƙarfen matse katako, guda biyu na sa a kowace mahaɗa, sama da ƙasa, da guntun katako a bakin kowanne don kada ya fasa fatar allon. Ban matse gaba ɗaya ba. Na bar shi da ɗan sassauci, ina bubbuga gefe da guduma ta roba ina shafawa, har sai da farcena ya daina kamawa a mahaɗar, sannan na ƙarasa matsewa.

Kaurin kowane allo milimita 18 ne, biyu sun zama 36. Yarona ya miƙo min sukuru mai 40.

Na ce, "Kai, wannan ai ta ɗaya ɓangaren zai leƙo."

Ya ce, "Oga, su kaɗai ne a jaka."

Dole na tura shi ya sayo masu 30. Kafin ya dawo na huda allon farko da rami mai ɗan faɗi wanda sukuru zai wuce ba tare da ya ci ba. Dalilin kuwa, in zaren sukuru ya kama alluna biyun duka, ba ya janyo su su haɗu, sai ma ya tura na biyun baya ya bar tsaga. Sukuru huɗu na sa a kowace mahaɗa, na gaba na ɓoye su dab da inda hinji ke zama. Da na gama na ja zare daga kusurwar farko zuwa ta ƙarshe, ya kwanta a kan bakin ukun ba gibi.

A bango na riga na kafa falanki a miƙe, santimita 145 daga ƙasa, don jeren ya zauna a kai. Mu uku muka ɗaga, kuma gaskiya mita 2 ita ce iyakar abin da zan yarda in haɗa a ƙasa. In ya wuce haka, nauyin kan murɗe jeren yayin ɗagawa, sukurun su yage allon.

Bangon ne ya kusa ɓata min aikin. Filastar ta lotsa a tsakiya, ni kuwa ban duba ba. Ina ɗaure sukurun tsakiya cikin fisha, robar nan da ake cusawa a ramin bango don sukuru ya kama, sai na ga mahaɗar dama ta fara buɗe baki, don sukurun na jan kabad ɗin zuwa cikin lotsawar. Na sassauta, na sake jan zare a gaba, na ga tsakiya ya shige da kusan milimita 5. Na cusa ɓallin filawud ta sama, daidai bayan wurin sukurun, na ɗaure a hankali ina kallon zaren har ya tsaya daram. Bayan nan ne na cire falankin na mayar da ƙofofi. Juyi ɗaya-biyu kawai sukurun hinji suka buƙata, tazarar tsakanin ƙofofin ta fito iri ɗaya daga sama har ƙasa.