Sunan da ke gurbin mai alhaki

Jadawalin da muke bin ayyuka da shi gurbi huɗu ne a gaban kowane aiki: mai alhaki, wa'adi, matsayi, da mataki na gaba. Tunda ga shi zan bar wurin aikin, bari in faɗi abin da ya koya mini, musamman gurbin farko.

An taɓa rubuta layi ɗaya cewa "buga littattafan horo", aka sa sunana, wa'adi 15 ga Maris. Maɗaba'a tana bukatar kwana goma, kuma ba ta taɓa aiki sai ta ga takardar oda, ita kuwa takardar ba ta fita sai shugaban sashenmu ya sa hannu. Ke nan wa'adin gaskiya 5 ga Maris ne, kuma a hannunsa yake, amma babu inda jadawalin ya nuna haka. Na kai masa takardar da wuri. Ta yi ta kwana a tebur ɗinsa ƙarƙashin wasu fayiloli, duk lokacin da na leƙa sai ya ce in bari ya dawo daga taro. Matsayi yana cewa "ana kai", mataki na gaba yana cewa "a bi diddigi".

Ranar da wa'adi ya cika babu littattafai, sai shugaban sashen ya haska jadawalin a bango gaban kowa, ya ce, "Sunan wa ke nan?" Nawa ne. Har yau abin yana ci mini rai, domin shi ya san inda takardar ta kwana.

Daga nan na daina yarda a sa sunana a layin da makullinsa ke hannun wani. Aikin da zai ratsa hannu uku, layi uku nake yi masa: shirya takardar oda, sa hannu, bugawa, kowanne da mutum ɗaya da ranarsa, ana ƙirgowa baya daga ranar ƙarshe. Sunan sashe ba ya shiga gurbin mai alhaki, sunaye biyu ma haka, don kowa zai zuba wa ɗan'uwansa ido.

Mataki na gaba kuma dole ya faɗi wa zai yi me, yaushe: "Shugaban sashe ya sa hannu kafin 5 ga Maris." Idan aka yi zama biyu wannan gurbin bai canza ba, aikin ya tsaya ko da matsayi na cewa ana kai. Shi ya sa na ƙara "ya maƙale" cikin kalmomin matsayi, tare da faɗin wurin wa.

Wa'adi idan ya matsa, kada a goge tsohon, a rubuta sabon a gefensa. Wanda zai gaje ni zai tarar da jadawalin a haka, kuma layin sa hannu sunan shugaban sashe ne a kai.