Hannun da ya shigo hoton Hajiya

Yau Asabar ban fita ko'ina da safe ba, tun bayan karin kumallo nake kan hoton Hajiya kakarmu, Allah ya jiƙanta. Umma ce ta ce a wanko mata babba a sa a firem ta rataye a falo, kuma duk hotunan da muke da su guda ɗaya ne take dariya sosai a ciki, wanda ƙanwata ta ɗauka ranar sunan ɗan yayanmu, tana tsaye jikin bangon tsakar gida da farin mayafi. Matsalar dai wani hannu ne ya shigo ta gefen dama, hannun namiji da agogo, ba fuska ba jiki, kamar yana miƙa wa wani abu. A ƙasa kuma can kusurwa ga rabin ƙafar yaro da silifas. Umma tana gani abin da ta fara cewa shi ne hannun wa ye wannan, ka ga ke nan duk wanda ya shigo falon nan ma can idonsa zai fara tafiya kafin ya kalli fuskar Hajiya.

Farko ma da wanda aka turo a gurup ɗin gida na soma aiki, sai da na duba Details na ga fiksel 1200 a 1600 ne kawai, WhatsApp ya matse shi. Inci 8 a 10 za mu wanke, in na yanke gefe faɗin zai koma wajen fiksel 1040, a raba wa inci 8 kowane inci ya samu 130 ke nan, alhali masu firintin wajen 300 suke so in ana son fuska ta fito tas. Na kira ƙanwata na ce don Allah ki duba wayarki ko na asalin yana nan. Ta ce Yaya ai na tura muku tuntuni, na ce a'a wannan karon ki tura shi ta Document kar ki tura ta wajen hotuna. Allah ya taimaka ba ta goge ba, ya zo 3000 a 4000.

Na buɗe shi a manhajar gyaran hoto ta Snapseed na shiga Crop, wajen yanka. Ban bar shi a Free ba, domin in ka ja gefe ɗaya yadda ka ga dama hoton zai fita daga ma'aunin takarda, kuma in ka kai shago injinsu ne zai ƙara yanke maka inda ba ka zaɓa ba, ko ya bar farin layi a gefe. Na taɓa ganin an yi wa wani haka saman hularsa ya tafi. Don haka na zaɓi 5:4 na juya shi tsaye tun kafin in taɓa komai, shi ne daidai da 8 a 10.

Nan aikin ya ɗan tsaya. Hannun ya shigo kamar fiksel 520 daga baki in ka haɗa da yatsu, gwiwar hannun Hajiya kuma tana wajen 560, wato tsakaninsu kaɗan ne ƙwarai. Gwajin farko na yanke hannun gaba ɗaya har yatsun, ya tafi kam, amma sai ga Hajiya ta manne da bakin hoto kamar an tura ta bango, kuma na tuna firem ma yana cin wajen rabin santimita a kowane gefe, a girman nan fiksel 60 da wani abu ke nan. Ma'ana katakon firem zai hau kan gwiwar hannunta. Ni kuma ba na son yanka ya faɗa daidai kan gaɓa, gwiwa ko wuyan hannu ko idon sawu, mutum sai ya fito kamar an guntule shi, kuma ba zan iya yi wa Hajiya haka ba.

Sai na ja baya, na yanke 400 kawai. Faɗi ya zama 2600, tsawo dole ya zama 3250, ke nan akwai 750 da zan rage tsakanin sama da ƙasa. Mafi yawa daga sama na cire, da ma kwanon rufi ne da igiyar shanya, sauran kamar 250 daga ƙasa, shi ya tafi da ƙafar yaron da silifas ɗinsa ba tare da na taɓa ƙafafun Hajiya ba, har da ɗan siminti ya rage a ƙarƙashinta. 2600 a raba 8 ya ba da 325, ya wadatar. Ba ta tsakiya cif yanzu, ta ɗan karkata dama, amma da yake hagu take kallo filin da ke gabanta ya ma yi kyau.

Abin da ya rage yatsu huɗu ne suna leƙowa daga baki, kuma gaskiya sun fi cikakken hannun muni, ko ba komai shi hannu da agogo ka san na mutum ne. Sa'ar da na ci a kan bango suke, bangon kuma fenti ɗaya ne ba zane. Na shiga Healing na yi zumin sosai, ina ɗan taɓawa kaɗan kaɗan daga kan yatsa zuwa baki. Sau ɗaya na yi gaggawa na shafa da faɗi, sai ya kwaso farin mayafinta ya liƙa a bango, na koma baya. Shi abin daga kewaye yake ɗibar launi ya cike gurbin, shi ya sa da a kan atamfa ko kan mayafin yatsun suka sauka da ban ma gwada ba, zanen zai maimaitu ko ya karkace kowa ya gane.

Na ɗauka na gama har na nuna wa Umma, ta riƙe wayar nesa da ido ta ce to wannan duhun fa. Inuwar hannun ce a bango, ta faɗo ƙasa kaɗan ta ɓangaren Hajiya, ni da na manne ido a zumin ban lura ba sam. Hannu ya tafi inuwarsa tana nan. Na koma na goge ta, ita ta fi cin lokaci ma saboda bakinta ba kaifi, sai ka rage girman hoton ka kalle shi duka sannan ka ga inda ya yi dabbare. Na fitar da shi ta Export a matsayin sabon kwafi, na asalin na bar shi yadda yake, na ma tura shi imel ɗina.

Bayan la'asar na kai shagon wankin hoto. Na ce Malam don Allah kar a ƙara yanke komai na riga na daidaita shi, ya buɗe a kwamfuta ya duba ya ce ba damuwa Alhaji, amma bari mu fara fitar da ƙarami ka ga bangon, takarda tana tona abin da waya ke ɓoyewa. Ya fitar, na kai bakin ƙofa wajen haske na duba wurin da yatsun suke, akwai ɗan laushi kaɗan a fentin in ka san inda za ka duba, rabinsa ma firem zai rufe. Na ce a wanke babban. Litinin zan karɓa.

Da daddare ƙanwata ta sake kallon na asalin ta ce agogon nan kamar na Kawu ne, lokacin yana miƙa wa masu aiki kuɗin ƙanƙara. Umma dai ƙaramin gwajin ta karɓa ta sa cikin jakarta.