Abin da na gani a eNaira da USDT

Kayan waya nake sayarwa a Farm Centre, kuma na yi ciniki da kuɗin intanet ɗin nan guda biyu. Na buɗe eNaira a farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo a Kano. Babban Bankin Najeriya ne ke fitar da ita tun Oktoban 2021, kuma eNaira ɗaya naira ɗaya ce, ba ragi ba ƙari. Sai da na ba da BVN kafin asusun ya buɗu, kuma matakin da aka ajiye ka shi ke yanke iyakar abin da za ka kashe a rana. Ke nan mai fitar da kuɗin ya san ni, yana iya ganin shige da ficena, idan hukuma ta buƙata yana iya tsayar da asusun. Amma maƙwabcina a kasuwa ba ya ganin komai.

USDT kuwa, kuɗin kirifto da ke bin darajar dalar Amurka, da ita nake biyan dilana a Guangzhou. Yaran kasuwa kan ce ita ba ta da ubangida. Wannan magana ta fi dacewa da Bitcoin, wadda ba wani kamfani da ke buga ta, kuma adadinta ba zai wuce miliyan 21 ba. USDT kamfanin Tether ne ke fitar da ita, da alkawarin kowace ɗaya tana da dala ɗaya a ajiye. Kamfanin na iya daskarar da kuɗin da ke kan adireshi, wato lambar asusun kirifto, ya kuma sha yin haka bisa buƙatar jami'an tsaro. Kalmomin sirri 12 na asusun kirifto da ka rubuta ka ɓoye suna kare ka daga ɓarawo, ba sa hana wannan.

Maganar sirri ce ta fi ba ni mamaki. Na tura wa dilan USDT 800 ta TRC20, wato hanyar tura USDT a kan manhajar Tron, ya ce bai gani ba. Na ɗauki adireshinsa na saka a Tronscan, shafin da ke nuna duk cinikin da aka yi a kan Tron, don in nuna masa shaida. Kuɗina sun shiga, amma ban da su sai ga duk cinikinsa a fili: nawa ya karɓa, yaushe, daga wane adireshi, nawa ya rage masa. Babu sunansa a wurin, to amma ni ai na san nasa ne. Shi ma haka zai leƙa nawa, haka duk wanda na taɓa tura wa adireshina a WhatsApp.

Sunan ma ba ya daɗewa a ɓoye. Ranar da ka sayar da USDT ta P2P, wato kai tsaye ga wani mutum, naira ta faɗo asusunka na banki, an haɗa ka da cinikin. Idan kuɗin da mai sayen ya turo na damfara ne, asusunka ake iya rufewa, kai da ba ka san hawa ba balle sauka. Shi ya sa yanzu ba na karɓar kuɗi sai sunan mai turowa ya yi daidai da na wanda muka yi ciniki da shi, adireshin da nake biyan dila kuma daban yake da wanda nake ajiya.