Yadda na wanke marun ɗin rigata ba tare da ta ɓata zaren wuyanta ba

Kayan da suka fi ba ni tsoro wajen wanki su ne masu kala biyu a jiki ɗaya. Ja daban fari daban wannan kowa ya san a raba, to amma idan farin a jikin jan yake ɗinke fa? Ina da doguwar riga marun ta auduga da aikin zare ruwan madara a wuya da bakin hannu, ɗankwalinta na yadin ne, mayafin kuma sai da na zaɓo shi daidai kalar zaren. Zaren nan na komawa ruwan hoda shi kenan haɗin ya tashi.

Kafin ta ga ruwa sai da na gwada ta. Na jiƙa farin ƙyalle na ɗan matse, na juya ƙasan rigar ta ciki wajen kalmasa na danna shi kamar minti ɗaya, ina ɗagawa sai ga ja-ja a jiki. Kun ga tana zuba kenan. Rarar rini ce da ba ta kama zare ba tun wajen rinin, kuma ja da baƙi da bulu mai duhu sun fi yin haka a wankin farko-farko.

Abin da na gane shi ne ba ruwan ne abin tsoro ba, daɗewa a cikinsa ne. Rini in ya saki yana yawo a ruwa, yana samun lokaci zai kama duk wani zare mai haske da ke kusa, balle in ruwan da zafi. Shi ya sa sai da na tara baho uku na ruwan sanyi a gefe tukuna, ɗaya na wanki biyu na ɗauraya, don kar in tsaya ɗibar ruwa rigar na kwance a jiƙe. Ruwan ma da yawa na zuba, don ruwa kaɗan rinin kauri yake yi a ciki. Sabulun ruwa na sa kamar cokali ɗaya na kaɗa shi ya narke, ban sa omo irin na fararen kaya ba saboda sinadarin haskaka farin da ke cikinsa yana sa kala mai duhu ta yi fari-fari kamar ta kwashi ƙura. Bilic kam ko kusa.

Na juya rigar baibai na tsoma, ina ɗagawa ina dannawa a hankali, hammata da bayan wuya kawai na ɗan cuɗa, wallahi ko minti biyar ba ta yi a ciki ba. Ruwan ya koma ja sosai amma ban tsaya kallo ba, na wuce ɗauraya, baho na biyu ya yi ruwan hoda, na uku sai ɗan alama, na ƙara wani har ya fito kusan garau. Ɗankwalin tare na wanke su da gangan duk da ban ɗaura shi sosai ba, don in ana wanke riga ana barin ɗankwali wata rana za a ga shi ya fi ta duhu alhali yadi ɗaya ne. Mayafin kuwa sabon ruwa ya samu shi kaɗai.

Maganar gishiri da binega da ake yawan cewa suna kama rini, na gwada a kan ragowar yadin, ruwan bai fasa yin ja ba. Gishiri lokacin da ake rina auduga yake amfani, binega kuma a rinin ulu da siliki, ba bayan an gama an ɗinka ba.

Inda ɓarnar ta fi faruwa ma bayan wanki ne. A murɗe riga a ajiye ta dunƙule a bokiti, jan ya kwanta kan zaren ya shata. Ni naɗe ta na yi a tsohon tawul mai duhu na danna ya tsotse ruwan, na rataye ta a hanga wuya a sama yadda ruwa zai gangara ƙasa, hannuwan kuma na ɗage su kan igiya da fegin shanya don jan ruwa kar ya taru a zaren bakinsu. A inuwa mai iska, har yanzu a baibai, saboda rana na koɗar da marun da wuri.

Tun tana jiƙe na duba zaren a haske, bakin hannu ɗaya ya ɗan yi hoda-hoda. Nan take na sa shi ƙarƙashin ruwan sanyi na murza sabulu kaɗan da yatsa ya fita. Da ya bushe ko dutsen guga ya hau kansa fitarsa sai an sha wahala, don haka ba na kusantar guga sai na tabbatar zaren fes yake, kuma ta ciki nake goge ta da wuta kaɗan.