Talata: shagon ƙofar gida ya samu mai haya

Yau da hantsi dillali ya kawo mini wani saurayi ɗan Tawa da ke son shagon ƙofar gidanmu a nan Bukoki. Tun kafin a taɓo maganar kuɗi na tambaye shi abin da zai sayar. Ya ce: "Hajiya, ƙanƙara ce da ruwan leda, sai ɗan lamurje. Firji biyu gare ni."

A nan na tsaya, don kwanter guda ne da mu, gida da shago. Mai ɗinki da keke ɗaya da fanka ba ya cin kuran da zai dame ni. Firjin ƙanƙara kuwa dare da rana yake aiki, in aka shiga zafin Afrilu da Mayu ma injinsa da ƙyar yake hutawa. Ya ce in yanka masa jika 5 a wata kuɗin wuta, kamar yadda ake yi a gidaje da dama. Na ce: "A'a ɗana, zo mu yi lissafi."

Na ɗauko tsohuwar takardar wuta na nuna masa inda ake rubuta kilowat. A ce wata ya ƙare gidan duka ya ci kilowat 400, takarda ta zo jika 40. Kowane kilowat ya tashi dala 20 ke nan. In firjinsa sun ci 250 a ciki, rabonsa jika 25, daidai da kuɗin hayar da na sa wa shagon. Ya ba ni jika 5, sauran 20 daga ina za su fito? Daga hayar. Sai in wayi gari ina da ɗan haya amma jika 5 kawai ke shiga hannuna, kuma da wannan kuɗin nake son in riƙa biyan makarantar jikokina. Ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya ne.

Muka shirya a sa ƙaramin kwanter a kan wayar da ta shiga shago, mu raba kuɗin sayensa. Ranar da takarda ta zo mu karanta lambar tare, a cire ta watan jiya, ya biya abin da ya ci. Zan kuma sa a duba ko ƙarfin kwanter ɗinmu zai ɗauki firji biyu, kada ya riƙa yanke mana wuta tsakar dare.

Bayan la'asar muka rubuta komai gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe takardarsa. Na sa aka bambanta abansi da kosiyo, don nan rigima ta fi tashi: abansin wata biyu haya ce da zai cinye, kosiyon wata guda ajiya ce da zan mayar masa ranar tashi in bai bar ɓarna ko bashin wuta ba. Na ware ta daban, ba zan taɓa ba. Makulli kuwa sai mai gyaran wuta ya gama aikinsa gobe.