Wasiƙa daga Birtaniya: yadda ake neman ƙarin kwanakin koyon aiki bayan rashin lafiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi alkawarin yin bayani kan sanyi da tsadar haya, amma tambayar da ƙannena ɗaliban jinya suka fi aiko mini ita ce yadda ɗalibi zai rubuta wa shugabar ɗakin marasa lafiya idan ciwo ya katse masa koyon aiki.

A nan komai da awa ake lissafa shi. Hukumar NMC, mai kula da ma'aikatan jinya da ungozoma, ba ta yi wa ɗalibi rajista sai ya cika awa 2,300 na koyon aiki, kuma takardar likita tana wanke shi ne daga laifin rashin zuwa aiki kawai, ba ta cike masa awannin da suka wuce. Wanda ciwonsa bai wuce kwana 7 ba shi ke cike fom da kansa, idan ya wuce sai da takardar likita. Mai amai da gudawa kuwa ba zai taka ɗakin ba sai ya yi awa 48 da warkewa, domin kada ya shafa wa majinyata.

Ɗauki ɗalibar da aka tura mako 8, awa 37.5 a kowane mako, jimla 300, sai ta kwanta mako biyu. Bashinta awa 75 ne, kuma da wannan adadin za ta buɗe wasiƙarta: "Na rasa awa 75 saboda rashin lafiya, jami'a tana da takardar likitana, kuma an tabbatar zan iya komawa aiki. Ina neman ƙarin mako biyu daga ranar da ya kamata in gama, ciki har da aikin dare da ƙarshen mako. Har yanzu ba a sa mini hannu kan ba da magani da tantancewar ƙarshe ba, don haka ina roƙon a haɗa ni aiki da mai tantance ni." Ba dole ba ne ta faɗi sunan ciwon.

Abin da ya fi damuna shi ne doguwar wasiƙar ban haƙuri wadda ba ta faɗi abin da ake nema ba. Shugabar tana duba jadawali ne, tana lissafin ko sababbin ɗalibai za su zo a makonnin, da ko mai tantancewar ba ta tafi hutu ba. Amincewarta ita kaɗai ma ba ta isa ba, sai ofishin jami'a mai tura ɗalibai ya yarda, in ba haka ba ana iya ƙin lissafa awannin, shi ya sa ake tura masa kwafi tun farko. Kada kuma ɗalibi ya yi tayin cusa awa 75 a mako guda, domin doka ta tanadi hutun awa 11 tsakanin aiki da aiki, kuma jikin da ya tashi daga ciwo ba zai ɗauka ba.

Maganar sanyi da haya sai wasiƙa ta gaba, in Allah ya yarda.