Dogon lagwanin sama a kyandirin zinare: kada ka yi gaggawa

Ƙanena, idan ka buɗe XAUUSD a wayarka, farashin oza ɗaya ta zinare ne a dala kake kallo. Kowane kyandir labarin wani lokaci ne, awa huɗu idan ka zaɓi H4, yini guda idan D1 ne. Jikinsa, wato kaurin tsakiya, tazara ce tsakanin inda farashi ya buɗe da inda ya rufe. Kore galibi na nufin ya rufe sama da mabuɗinsa, ja kuma ƙasa. Siraran layukan sama da ƙasa su ne lagwani, iyakar inda farashi ya leƙa ya dawo.

Mu ɗauki misali. A ce kyandirin H4 ya buɗe a 2,350, ya haura 2,368, sannan ya rufe a 2,347. Jikinsa dala 3 ne, lagwanin sama kuwa dala 18. Masu saye sun tura farashi sama, masu sayarwa suka tare su, suka ƙwace duk abin da aka samu. Mun saba kula da lagwanin da ya kai aƙalla ninki biyu na jiki, wannan kuwa ninki shida ne.

A nan na yi asara ina sabon shiga. Da na ga dogon lagwani sai in danna Sell, kyandirin ma bai rufe ba. Alhali lagwanin da kake gani a awa ta biyu zai iya cikewa kafin ta huɗu, kyandir ya rufe kore shar. Ina roƙonka ka jira ya rufe.

Bayan nan duba inda ya fito. Idan bayan doguwar hauhawa ne, kuma daidai wurin da farashi ya taɓa juyawa a baya, alamar da yake bayarwa cewa farashi zai iya sauka na da nauyi. Irin wannan siffa a ƙarshen faɗuwa takan nuna akasin haka, masu saye ne suka fara gwada ƙarfinsu. A M5 kuwa, wato kyandirin minti biyar, lagwani ya yi yawa, ni dai na daina sauraronsa. Haka wanda ya fito lokacin rahoton guraben aiki na Amurka, da ake fitarwa galibi Juma'ar farko ta wata da ƙarfe 8:30 na safe agogon New York, don a lokacin zinare kan yi tsalle sama da ƙasa cikin mintuna.

Ko duk sun dace, jira kyandir na gaba ya rufe ƙasa da wancan. A ce ka sayar a 2,344, ka sa Stop Loss, wato inda ciniki zai rufe da kansa don tsayar da asara, a 2,370, saman lagwanin. Dala 26 ke nan kake kasada a kowace oza, kuma a wurin yawancin dillalai girman ciniki na lot 0.01 oza ɗaya ce. In asusunka dala 200 ne, kashi 13 cikin ɗari ka ɗora a ciniki guda. Ya yi yawa, bar shi ya wuce.